Yadda ake rubuta umarnin hoto baƙar fata ta fito da gaskiyarta a tallan kayan kwalliya

"Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa man shafawa na kaɗe da hoda ina sayarwa a Kano, kuma yawancin masu sayen kayana baƙaƙe ne da wankan tarwaɗa. Na fara amfani da manhajar ƙirƙirar hoto wajen talla. In na rubuta `beautiful black woman` sai ta fito min da mace mai haske kamar 'yar bilicin, in na ƙara `very dark` kuma sai ta fito baƙa ƙirin tana ƙyalli kamar an tuttula mata mai. Me zan rubuta fatar ta fito irin tamu, kuma ban ci mutuncin kowa ba?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Kalma ɗaya ba ta ɗaukar launin fatar mutum, ko a bakinmu balle a wurin na'ura. Mu nan in aka ce wance baƙa ce, ai sai an ƙara bayani: baƙa mai jaja-jaja ce, ko mai duhu sosai, ko wankan tarwaɗa ce da ta ɗan turu. Abin da ke aiki a umarnin hoto shi ne ki raba launin gida huɗu: zurfin duhunsa, launin da ke kwance a ƙarƙashinsa, yanayin saman fatar, da hasken da ya sauka a kanta. Na huɗun nan shi ne mafi nauyi, kuma shi ne kusan kowa ke mantawa. Na shekara da shekaru ina ɗaukar hoton amare da na talla da kyamara kafin waɗannan manhajoji su zo, kuma abin da na koya a gaban fitila shi ne dai nake rubutawa yanzu a umarni.

Dalilin da na'urar ke haskaka fuska

Waɗannan manhajoji sun koyi aiki ne daga ɗimbin hotuna da rubutun da ke manne da su. Duk kalmar da kika rubuta tana janyo irin hotunan da aka fi ganinta tare da su. To kalmomi irin su `beautiful` da `flawless` da `glowing` da `luxury` sun fi zama a jikin hotunan mujallu da tallace-tallacen da aka riga aka goge, aka kankare, aka ƙara musu haske. Shi ya sa ko kin rubuta baƙar mace, kalmomin yabon da kika jera suna ja da ita zuwa haske, suna siranta mata hanci, suna miƙar mata da gashi. Ke kina ganin yabo kika yi, ita kuwa na'urar ta ji kin ce ta kawo miki irin fuskar da ta saba gani ana yabo.

Matsalar ta girmi na'urar. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara rarraba wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake saita launin injin wanki. Fuskar da ta yi nisa da wannan kati sai ta fito ba fasali, idanu da haƙora kawai ake gani. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Hotunan da aka tara a duk tsawon wannan zamani suna cikin abin da na'ura ta gada. A 2018 masu bincike Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin manyan kamfanoni uku masu tantance ko fuska ta mace ce ko ta namiji, suka tarar kuskuren da ake yi a kan baƙaƙen mata ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, alhali a kan fararen maza bai kai kashi ɗaya ba. Waccan manhajar duba fuska ce, taki ta zana fuska ce, amma tushen ciwon ɗaya ne: abin da aka nuna wa na'ura kaɗan, shi take yi da ƙyar.

Ɗaya matsalar kuma daga kalmomin ne kansu. `black` a Turanci tana nufin jinsin mutane, tana kuma nufin launin gawayi. In kika rubuta `black skin` na'ura tana iya ɗaukar ma'ana ta biyu ta shafe fuskar da baƙi irin na fenti, wanda babu ɗan Adam mai shi. Mutumin da ya fi kowa duhu a unguwarku, ki dube shi da hantsi, za ki ga launin ƙasa-ƙasa ne mai zurfi, da ɗan ja ko ɗan shuɗi a cikinsa. `dark` ita ma haka: sau da yawa takan duhunta hoton gaba ɗaya, bango da fitila da komai, ya koma kamar an ɗauka a ɗaki ba wuta. Don haka ni `brown` nake ɗaurawa a gindi, sannan in faɗi zurfinsa: `medium brown`, `deep brown`, `very deep brown`.

Zurfi da abin da ke ƙarƙashinsa

Akwai ma'aunai biyu da za ki ji ana ambata. Na farko na likitan fata ne, Thomas Fitzpatrick, wanda ya fito da shi a 1975 don sanin yadda fata ke ƙonewa a rana. Matakai shida ne, kuma biyun ƙarshe, waɗanda duk mu muke ciki, daga baya aka ƙara su. Ki duba fa: daga wankan tarwaɗa har zuwa mafi duhun mutane, duk an cusa su a gurbi biyu. Ba don zaɓen hoda aka yi shi ba, kuma ba na amfani da shi. Na biyu shi ne ma'aunin Monk, na Ellis Monk, malamin nazarin zamantakewa a jami'ar Harvard, wanda Google ta fitar a 2022. Shi matakai goma ne, kuma yawancin mutanenmu suna faɗawa tsakanin mataki na 6 da na 10. Wankan tarwaɗa tana wajajen 6 zuwa 7, wadda muke kira baƙa tana 8 zuwa 9.

Amma kada ki zaci in kin rubuta `Monk 8` a umarni an gama. Yawancin manhajojin ba sa bin lamba, ko lambar launi kika ba su sai su yi biris da ita. Amfanin ma'aunin a wurinki shi ne na dubawa bayan hoto ya fito, zan zo kan wannan.

Launin da ke ƙarƙashi shi ne wanda masu kwalliya ke kira andaton. Mata biyu za su zama duhunsu ɗaya, amma hodar da ta zauna wa ɗaya ta mai da ɗayar kamar ta shafa toka. Ɗaya fatarta na da ja a ciki, ɗaya ruwan zinariya, wata kuma tana karkata zuwa shuɗi. Ke da kike haɗa hoda kin fi ni sanin wannan. Lokacin da mawaƙiya Rihanna ta fito da kayan kwalliyarta na Fenty Beauty a 2017 da launin fandeshan 40, abin da ya sa aka yi ta magana shi ne masu duhun ba launi ɗaya ko biyu aka jefa musu ba, an bambanta musu har abin da ke ƙarƙashi. In ba ki faɗa wa na'ura wannan ba, ita za ta zaɓa miki, kuma zaɓinta biyu ne: ko ruwan lemo mai kama da wadda ta sha kurkum, ko toka-toka. Kalmomin kaɗan ne, `warm red undertone` ga mai ja, `golden undertone` ga mai ruwan zinariya, `cool undertone` ga mai karkata zuwa shuɗi, `neutral undertone` ga ta tsakiya. Guda ɗaya za ki zaɓa a kowane hoto.

Haske, inda aikin yake

Ga abin da ke faruwa in haske ya faɗa kan fuska. Wani ɗan kaso yana dawowa daga saman fata kai tsaye, ba tare da ya ɗauki launinta ba, shi ne ƙyallin da ake gani a goshi da karan hanci. Sauran yana shiga ciki, sinadarin melanin mai ba fata duhu ya shanye wani, ragowar ya fito ɗauke da launin mutum. A farar fata abin da ke fitowa daga ciki yana da yawa, yana rufe ƙyallin sama. A baƙar fata melanin ya shanye mafi yawa, don haka ƙyallin sama shi ke bayyana ƙarara. Ma'anar wannan ita ce, fasalin baƙar fuska da ƙyalli ake zana shi, kamar yadda ake zana na farar fuska da inuwa.

Shi ya sa girman fitila ke da muhimmanci haka. Ƙaramar fitila mai ƙarfi, irin filashin waya, tana barin farin ɗigo mai zafi a goshi, sauran fuskar kuma ta nutse. Babbar fitila mai laushi, ko ƙatuwar taga da labule mara nauyi, tana shimfiɗa ƙyallin ya yi faɗi, ya bi kunci a hankali ya narke cikin launin fatar. Wannan shimfiɗaɗɗen sheƙi shi ne abin da muke gani a fuskar amarya da ta sha dilka, mu ce fatarta ta yi kyau. Wanda ya fito miki kamar an zuba mai kuwa, na'ura ce ta haɗa duhu mai yawa da ƙyalli mai kaifi, saboda ba ki gaya mata wace irin fitila ba ce, kuma hotunan baƙaƙen mata da ta fi sani na mujallu an shafe su da mai da gangan.

Akwai kuma maganar auna haske. Kyamara tana ƙoƙarin mai da duk abin da ta gani matsakaicin toka-toka. In baƙar fuska ta cika hoto sai ta buɗe haske fiye da kima har fatar ta koɗe, in kuma akwai farin mayafi ko farin bango sai ta rage har fuskar ta ɓace. Ba banza ba wayoyin Tecno suka karɓu a nan, sun saita kyamararsu don irin fuskokinmu, Google ma ta bi wannan hanya a Pixel 6 a 2021. Na'urar zana hoto ba ta da abin auna haske, amma ta koyi kurakuran kyamarorin da suka ɗauki hotunan da ta gani, tana kuma maimaita su. Don haka nake rubuta mata `exposed for her skin`, wato a auna hasken da fatarta, sannan `detail in the shadows`, wato gefen da ke inuwa kada ya toshe.

Bango da tufafi ma suna shiga lissafi, domin baƙar fata tana ɗaukar launin abin da ke kusa da ita. Shuɗin bango zai bar mata shuɗin ƙyalli, koren mayafi zai bar kore a ƙarƙashin haɓa. Na fi samun nasara da bango matsakaici mai ɗumi, ruwan ƙasa ko ruwan yashi ko ruwan makuba, da ɗankwali mai ruwan zinariya ko ja mai duhu. Farin bango tas ba haramun ba ne, amma shi ya fi kowanne jan na'ura zuwa kuskure.

Wani aiki da na yi

Wata mai sana'a irin taki ta kawo min man kaɗe na jiki, tana son hoton da za ta sa a sitatus da kuma ƙaramar bana ta gaban shago. Ta ce tana son mace mai launi irin na ƙanwarta, wadda muka zauna da ita na duba: baƙa ce mai ja a ciki, wajajen mataki na 8. Ga abin da ta fara rubutawa da kanta:

```
beautiful African woman, dark skin, flawless glowing skin, luxury skincare ad
```

Hotuna huɗu suka fito. Uku wankan tarwaɗa ne masu haske da siririn hanci da fata sumul kamar roba. Ta huɗun baƙa ce, amma an rataya mata duwatsun wuya har kafaɗa, an ɗiga mata farin fenti a kunci, ga busasshiyar ciyawa a bayanta. Wannan aikin `African` ne. Kalmar tana janyo hotunan masu yawon buɗe ido, don haka in kina son Bahaushiya ta birni, ki faɗi ƙasa, ki faɗi shekaru, ki faɗi abin da ta saka.

Na cire duk kalmomin yabo na sake gini daga mutum zuwa fata zuwa haske:

```
studio portrait of a Nigerian woman in her early 30s, calm confident smile,
deep brown skin with warm red undertone, natural skin texture, visible pores,
soft satin sheen on cheekbones, broad nose, full lips, mustard headwrap,
large softbox from the left, reflector fill, exposed for her skin,
detail in the shadows, warm terracotta background, 85mm lens
```

A Hausance, na ce wa na'urar: 'yar Najeriya ce mai shekara talatin da 'yan kai, tana murmushi cikin natsuwa, fatarta launin ƙasa mai zurfi da ja a ƙarƙashi, a bar ƙofofin gashin fata a gan su, sheƙi mai laushi a kan ƙashin kunci kawai, hanci mai faɗi, leɓe cikakke, ɗankwali ruwan ɗorawa, babbar fitila mai laushi daga hagu, da faifan mayar da haske a dama don ya cike inuwa.

Wannan karon launin ya matso, amma biyu daga cikin huɗun sun fi abin da nake so haske, goshin ɗaya kuma yana walƙiya. A manhajar Midjourney nake aikin, sai na ƙara wannan a ƙarshe:

```
--style raw --s 50 --no oily skin, plastic skin, face paint, jewelry
```

`--style raw` yana rage adon da manhajar ke ƙarawa da kanta. `--s` shi ne yawan wannan adon, asalinsa 100 ne, na sauke shi zuwa 50, domin duk lokacin da aka bar ta ta "gyara" hoto, haske take ƙarawa. `--no` kuwa jerin abin da ba a so ne. In manhajar Stable Diffusion kike amfani da ita, akwai akwati na musamman mai suna `negative prompt` da ke yin wannan aikin. Na kuma canza `deep brown` zuwa `very deep brown`. Wannan dabara ce da na daɗe ina yi: in nemi mataki ɗaya fiye da duhun da nake so, saboda na san za ta ja baya. Da na samu fuskar da ta yi min, sai na riƙe lambar `--seed` ɗinta, wato lambar da ke sa manhajar ta sake farawa daga tushen hoto ɗaya, na riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. In kika canza abu uku lokaci guda, hoton ya gyaru ko ya ɓaci, ba za ki san wanne ya jawo ba. Sai a zagaye na shida muka samu wanda muka ɗauka.

Yadda za ki gane ta ɓaci

Ido yana yaudara, musamman a allon waya da aka ƙure wa haske. Ki buɗe hoton a kowace manhajar gyaran hoto mai abin ɗaukar launi, ki taɓa tsakiyar kunci, wurin da ba ƙyalli ba inuwa. Za ta ba ki lambobi uku, na ja da kore da shuɗi. A ma'aunin Monk, mataki na 7 shi ne `#825c43`, wato ja 130, kore 92, shuɗi 67. Mataki na 8 shi ne `#604134`, wato 96 da 65 da 52. Mataki na 9 kuwa `#3a312a`, wato 58 da 49 da 42. Ba sai naki ya yi daidai da waɗannan ba, domin fitila tana ɗaga lambar, amma in kin nemi mataki na 8 kika tarar jan ya haura 160, to an haskaka miki ita, ko da idonki ya ce ta yi kyau.

Tazarar da ke tsakanin lambobin ma tana magana. A lafiyayyar fata ja ne a sama, kore a tsakiya, shuɗi a ƙasa. In ukun suka matse kusan ɗaya a fatar da ba ta kai duhun mataki na 9 ba, ta koma toka, irin ƙafar da hunturu ya busar, kuma babu abin da ya fi wannan muni a tallan man shafawa. In ja ya yi wa shuɗi fintinƙau, ta koma ruwan lemo.

Bayan lambobi, ki dubi wuya da kunne da hannu. Na'ura takan haskaka fuska ta bar wuya da duhu, ko ta yi hannu mai haske da gaɓoɓin yatsu baƙaƙe ƙirin. Bature ba zai lura ba, amma kowace mace a Kano ta san wannan alamar mai shafe-shafe ce. In hoton tallanki ya fito da ita, kin gaya wa masu saye cewa manki na bilicin ne ba tare da kin buɗe baki ba. A lokaci guda kuma kada ki nemi launi ɗaya shafe ko'ina. Fatar gaske tana da ɗan bambanci: goshi da gefen fuska sun ɗan fi tsakiya duhu, leɓen sama ya fi na ƙasa duhu, tafin hannu ya fi bayansa haske nesa ba kusa ba. Na sha ganin hoto mai kyau da tafin hannu baƙi kamar bayansa, kuma wannan kaɗai ya isa ya tona asirin hoton.

Wani tarkon yana ƙarshen aiki. Manhajojin ƙara girman hoto da na "gyara fuska" sukan goge ƙofofin fatar da kika sha wahalar samowa, wani lokaci su ɗan haskaka ta. Ki sake auna kuncin bayan kin wuce da hoton ta cikinsu. Haka in kina son mata uku masu launi daban-daban a hoto ɗaya don nuna hodarki kala uku, kada ki rubuta su a umarni ɗaya. Launukan sukan zubo cikin juna, ukun su fito kusan iri ɗaya, ko mafi hasken ta samu tsakiya da fitila, mai duhun ta koma gefe cikin inuwa. Ki yi kowacce ita kaɗai da kalmomin haske da bango iri ɗaya, sannan ki jera su da hannunki.

Maganar mutunci

Za ki ga ana ba da shawarar a rubuta `chocolate` ko `caramel` ko `mocha`. Na san mu ma muna cewa wance cakulet kala ce, kuma yabo muke nufi. Duk da haka ba na sa su a umarni, saboda dalili biyu. Na farko, ba su da tsayayyen launi, cakulet ɗin madara da baƙin cakulet ba ɗaya ba ne, kuma na'ura takan kawo santsi da naso irin na abin ci ta ɗora wa fata. Na biyu, baƙaƙen mata da yawa, musamman a ƙasashen waje, sun gaji da a riƙa kwatanta jikinsu da abin lasa, kuma ina ganin suna da gaskiya. `ebony` ta fi su matsala: a intanet an daɗe ana manna ta a hotunan da ba su dace ba, tana iya janyo miki tsayuwa da shigar da ba za ki so a tallanki ba. `exotic` da `tribal` kuwa kallon baƙo ne, na wanda ya ɗauki matar abin mamaki. Mai sayen manki ba abin mamaki ba ce a wurinki, maƙwabciyarki ce.

Shi ya sa a umarnin da na nuna miki mutum ya zo kafin launi. Tana da shekaru, tana da yanayin fuska, tana da abin da ta ɗaura. In launi ne kaɗai abin da kika faɗa game da ita, na'ura za ta cike sauran da abin da ta saba jinginawa ga baƙar mace, kuma abin da ta saba ba mai daɗi ba ne. Wajen fasalin fuska kuma a yi hattara ta ɓangare biyu. In kika yi shiru za ta ba ki fuskar Baturiya da aka rina. In kika yi ta nanata faɗin hanci da kaurin leɓe da kalmomin ƙari, za ta zarce ta yi miki zanen izgili. Sau ɗaya ya isa, da kalma mara zuzutawa. Mu kanmu ba fasali ɗaya gare mu ba, akwai baƙa mai dogon hanci, akwai wankan tarwaɗa mai faɗinsa, don haka ki riƙa sauyawa daga talla zuwa talla.

Kada ki sa sunan wata 'yar fim ko mawaƙiya a umarni don fuskar ta yi kama da ita, kuma kada ki ɗora hoton wata daga intanet a matsayin abin koyi ba da izininta ba. In kina son launin ya zauna daram, hanya mafi ƙarfi ita ce hoton abin koyi, ya fi kowace kalma tasiri, amma ki ɗauka da kanki, na wadda ta san abin da za a yi da shi kuma ta yarda.

Inda wannan hanya ta tsaya

Matar da na'ura ta zana ba ta taɓa shafa manki ba. Hotonta ya dace da kwalliyar shafi, da jikin kwali, da nuna irin matan da kike yi wa sana'a. Bai dace da "kafin da bayan amfani" ba, bai kuma dace a ce ga yadda hoda mai lamba kaza ke zama a fata ba. Wadda za ta sayi hoda da kuɗinta saboda ta ga ta hau da wata fuska, haƙƙinta ne fuskar ta zama ta gaske. Don wannan ki samu mata uku ko huɗu daga cikin masu sayen kayanki, ki zaunar da su kusa da taga da misalin ƙarfe tara zuwa goma na safe, ki kashe fitilar ɗaki, wani ya riƙe farin kwali a gefen da ke inuwa, ki taɓa kuncin a allon wayar don ta auna haske da shi. Abin da na rubuta a umarni can sama, shi ne wannan ɗin dai da hannu.

Sannan duk dabarun nan ba sa ba da tabbaci. Manhajojin suna canzawa, umarnin da ya yi aiki bana yana iya sauya hali in an sabunta su, kuma a mataki na 9 da na 10 har yanzu nakan zubar da hotuna da yawa kafin in samu ɗaya mai rai. Ki ajiye umarnin da ya yi miki aiki tare da hotonsa da lambobin kuncinsa, don ki samu abin kwatantawa in abu ya canza.

In za ki buga bana, ki sani injin bugawa yana ƙara wa wurare masu duhu duhu, tawada tana bajewa, gefen fuskar da ke inuwa yakan toshe ya koma baƙi ɗaya. Wancan aikin na man kaɗe ya yi kyau a waya, amma bugun farko rabin fuskar ya ɓace, sai da muka ɗaga hasken inuwar kaɗai, ba mu taɓa kuncin ba, aka sake bugawa. Tun daga ranar nake sa a buga min yankin fuskar kawai, kamar faɗin takarda ɗaya, a kan irin ledar da za a yi banar da ita, in fita da shi waje in duba a hasken rana kafin in ce a buga babbar. In mai bugawa ya ce zai ɗan "buɗe" miki fuskar don ta fito, ki ce ya nuna miki a allo tukuna, ki kuma sake auna kuncin a gabansa.